Yadda ake sanar da kwastomomi ƙarin kuɗi ba tare da sun gudu ba

Ni kunun aya nake yi a Kano, a gida, ina ɗurawa a gora ina kai wa shaguna da gidaje, don haka da shi zan yi misali, amma ko tela ce ke ko mai cincin ko mai abincin sayarwa hanyar ɗaya ce, maza ma ku ɗauka duk da zan riƙa cewa "ki". Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, babu mai sana'ar da bai ƙara kuɗi ba, kuma kwastoma ya san da haka don shi ma kasuwar yake zuwa. Abin da na lura da shi, tsohon kwastoma ba kasafai ƙarin kansa ke korarsa ba. Abin da ke korarsa shi ne ya ji sabon kuɗin a lokacin da ya riga ya miƙo tsohon, a gaban mutane, ko kuma ya ji a bakin yaron shago. Wannan kunyar ce ba ya yafewa.

Na taɓa yin wannan kuskuren a ƙarin farko. Ban gaya wa kowa ba, kawai na ce wa yaron da ke kai kaya ya ce an ƙara hamsin. Wata Hajiya da ke sayen gora goma duk Juma'a ta aiko jikanta da kuɗi cif, yaro ya dawo da shi ya ce kuɗi bai cika ba, ranar baƙi gare ta. Ba ta kira ni ba, ba ta yi faɗa ba, shiru kawai na ji, sai bayan wata biyu da na je har gida na ba ta haƙuri ta ce min "ai ba ɗari biyar ɗin ba ce 'yata, ki ce sai a bakin yaro zan ji?" To daga nan na koyi abin da zan faɗa a nan.

Da farko ki zauna da biro da takarda

Kar ki buɗe baki ki ce za ki ƙara kuɗi alhali ke kanki ba ki san nawa gora ɗaya ke cin miki ba, domin duk wanda ya matsa miki da ciniki sai ki ji kin tsargu ki sauko. Ga lissafin da na yi a littafina a farkon Fabrairu 2024, na haɗi ɗaya mai fitar da gora 100. Aya da dabino da kwakwa da nake saya 10,000 sun koma 14,000. Sukari daga kasuwar Singa, 2,500 ya koma 4,000. Gorunan kansu 3,500 sun koma 5,000. Markaɗe 1,000 ya zama 1,500, ƙanƙara 2,000 ta zama 3,000, ɗan sahu mai kai kaya 2,000 ya ce sai 2,500. In kin haɗa, abin da da yake cin 21,000 yanzu 30,000 yake ci.

Ga wurin da yawancinmu ke ruɗar kanmu. Gora 100 nake ɗurawa amma ba 100 nake sayarwa ba, kullum sai an samu kamar biyar da suka tafi, wata ta yi tsami don wuta ta ɗauke a shago, wata ta fashe a buhu, wata yaran gida sun sha, wata na bayar gyara. Kenan 95 ne ke kawo kuɗi. A naira 300, 95 ɗin nan 28,500 ne. Da can riba 7,500 nake samu a haɗi, yanzu kuma 30,000 na zuba 28,500 ta dawo, wato duk ranar da na tashi da asuba na jiƙa aya na wanke na tace, naira 1,500 nake cirewa daga uwar kuɗi ina raba wa mutane, kuma ban sani ba saboda kuɗi na shigowa ta taransifa kullum ina ganin alat ina murna.

Sai na gwada farashi biyu a takarda. A 350, 95 za su kawo 33,250, riba 3,250, ko rabin ta da ba ta kai ba, kuma sukari ya ƙara motsawa kaɗan na koma gidan jiya. A 400 za su kawo 38,000, riba 8,000. Zuciyata 350 take so don tsoro, amma sai na tambayi kaina, in na sa 400 mutane suka ragu fa? Na ƙaddara cinikin ya sauko zuwa gora 80, sai in rage haɗin zuwa 85, ya ci 25,500, ya kawo 32,000, riba 6,500. Kin ga ko mutum goma sha biyar sun janye, 400 ta ninka ribar 350 da kowa yana nan. Wannan lissafin shi ya ba ni ƙarfin gwiwa, kuma ki yi naki irinsa kafin ki yanke, ki san mutum nawa za ki iya rasawa ba ki faɗi ba.

Akwai kuma maganar canji, 350 na nufin kullum ana neman hamsin, mai shago ya ce babu, kwastoma ya ce a bar shi sai gobe, rigima ƙarama ƙarama. In za ki iya ki tsaya a kan kuɗin da ba ya buƙatar canji.

Ki ƙara sau ɗaya wanda zai riƙe ki wata huɗu ko shida. Hamsin yau, hamsin bayan sati uku, wata hamsin bayan sallah, wannan shi ke sa a ce "ita kullum cikin ƙari take", alhali jimillar ba ta wuce ɗarin da za ki ƙara lokaci guda ba.

Wata za ta ce to me zai hana in bar kuɗin yadda yake in ƙara ruwa in rage dabino? Kar ki soma. Baƙo ne ba zai gane ba, amma wanda ya shekara biyu yana shan kununki kurɓa ɗaya zai yi ya san an taɓa shi, kuma ba zai gaya miki ba, maƙwabciya zai gaya wa. Ƙarin kuɗi ana yin mita a biya, algus kuwa suna yake ɓatawa, ga kuma hakkin mutane.

Ki zaɓi rana, ki ba da tazara

Sati biyu nake bayarwa tsakanin sanarwa da ranar fara sabon kuɗi. Ƙasa da sati ɗaya ya yi kama da ba-zata, fiye da wata kuma mutane sun manta, ranar ta zo a ce ba a ji ba, ke kuma kina ta cin asara kina jira. Masu kayan da ba sa lalacewa, kamar turare ko atamfa ko sabulu, ku yi hattara da tazara mai tsawo, domin masu kuɗi za su zo su kwashe kayan a tsohon farashi ki rasa abin da za ki koma sari da shi, sai ki sa iyaka, kowa kar ya wuce abin da ya saba ɗauka. Ni dai kunun aya ba ya ajiyuwa, wannan bai dame ni ba.

Ranar ma ki duba ta. A 2024 azumi ya kama 11 ga Maris, kuma kowa ya san a azumi ne kunun aya ke tafiya, amma kuma a azumi ne duk wanda ya ƙara ko sisi ake cewa ya tsawwala wa bayin Allah. A wannan Fabrairun ma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau kan zargin ɓoye kayan abinci, gari ya ɗauka, kowane ɗan kasuwa ana masa kallon azzalumi. Don haka na yi sanarwa Litinin 12 ga Fabrairu, farkon Sha'aban, sabon kuɗi ya fara Litinin 26, ƙarshen wata lokacin da ma'aikata ke sa ran albashi, kuma saura sati biyu azumi, kafin a ga wata kowa ya riga ya saba da 400.

Wa za ki fara gaya wa

A nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yin ganganci. Kar ki fara da sitatus. Ki buɗe littafinki ki fitar da mutanen da su ne ƙashin bayan cinikin, za ki ga ba su da yawa, ni mutum tara ne: shaguna huɗu, gidaje huɗu, da wata mai abinci kusa da wata makaranta. Waɗannan ba a tura musu saƙon gama-gari. Wanda za ki iya zuwa ki je da ƙafarki ko ki aika babba a gidan, wanda ba za ki iya ba ki kira shi, kuma a yi haka kwana biyu ko uku kafin sauran jama'a su ji. Mutum yana jin daɗin a ce shi aka fara sanarwa, girmamawa ce da ba ta cin ko kwabo.

Da na kira mai shagon da ya fi kowa ɗauka, bayan gaisuwa da tambayar iyali da kasuwa, cewa na yi: "Alhaji dama na ce kafin kowa ya ji kai zan fara gaya wa, kunu zai koma 400 daga Litinin 26 ga wata, na riƙe na riƙe abin ya fi ƙarfina, sukari da gora da ƙanƙara duk ka san yadda suka koma." Sai na yi shiru. Wannan shirun ki koye shi, domin in tsoro ya sa kika ci gaba da zuba, ke da bakinki za ki ce "amma kai sai in bar maka 350" tun bai tambaya ba. Ya ja numfashi ya ce "Hajiya ɗari fa lokaci guda, ni nawa zan sayar kenan?" Tambayarsa gaskiya ce, mai shago ba shi zai sha ba, shi ma sai ya fuskanci nasa mutanen. Na ce masa duk dozin biyu da ya ɗauka zan ɗora masa gora ɗaya gyara har ƙarshen azumi, kuma wadda ta lalace don rashin wuta mu raba asarar. Ya ce Allah ya sa albarka.

Ki lura ban rage masa farashi ba, gyara na ba shi. In kika rage wa mutum ɗaya kuɗi, gobe maganar ta zaga, shagon gaba ya ce shi ma, farashinki ya zama biyu ko uku har ke kanki ki rikice. Gyara kuwa kyauta ce, tana da lokacin farawa da na ƙarewa, kuma kuɗin haɗa gora ɗaya take ci miki. Sai dai ki sa ta a lissafi tun farko kar ki yi alkawarin da zai cinye ƙarin.

Saƙon sauran jama'a

Bayan manyan sun ji sai a tura wa kowa. Ga abin da na rubuta, ki canza ki sa naki:

"Assalamu alaikum, barkanmu da war haka, da fatan iyali lafiya. Ina sanar da ku cewa daga ranar Litinin 26 ga Fabrairu gorar kunun aya za ta koma naira 400 maimakon 300. Dalili shi ne tashin kuɗin sukari da gora da ƙanƙara, mun yi wata bakwai ba mu taɓa farashi ba amma yanzu ya gagara. Haɗin yana nan yadda kuka san shi, ba a rage komai ba, gorar ma ita ce. Daga yau har Lahadi 25 ga wata ana nan a 300, kuma duk wanda ya riga ya ba da kuɗin oda za a kawo masa a yadda aka yi da shi. Mun kuma fito da ƙaramar gora ta 250. Na gode da kasancewa tare da mu, Allah ya bar zumunci, ya yassare mana baki ɗaya."

Ki ga sabon kuɗi da rana suna jimla ta biyu. Kar ki ɓoye su a ƙasan dogon labari, yawancin mutane layi uku suke karantawa su rufe. Ki rubuta tsohon kuɗin da sabon da lamba, kar ki ce "an ɗan samu canji a farashi" ki bar mutane suna tambaya ɗaya bayan ɗaya, kar kuma ki ce kashi kaza cikin ɗari, ba wanda zai tsaya lissafi. Dalili kuwa ki ambaci abu biyu ko uku da ido ke gani. "Saboda halin da ƙasa ke ciki" kowa na faɗa har mai ƙarya, amma in kika ce sukari, matar da ta sayi gwangwanin sukari jiya ita za ta tsaya miki shaida. Wata bakwai ɗin da na ambata gaskiya ne, in naki uku ne ki ce uku, kwastoma na riƙe lissafi fiye da yadda kike zato.

Ban haƙuri sau ɗaya ya isa, ko ma godiya kawai. Na ga masu rubuta "don Allah don Annabi ku yi haƙuri ku yafe mana wallahi ba da son ranmu ba" har sau uku, mai karantawa sai ya ji kamar akwai laifin da aka yi, ko kuma ya gane in ya matsa za a sauko. Haka nan kar ki zuba matsalar gidanki, kuɗin makaranta da haya, shi ma yana da nasa. Kar ki taɓa 'yan'uwanki masu sana'a ki ce nasu ruwa ne.

Wajen turawa, in da WhatsApp kike aiki ki yi amfani da New broadcast, saƙon zai shiga wa kowa shi kaɗai kamar shi kika rubuta wa. Mutum 256 jeri ɗaya ke ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba saƙon ba zai je masa ba, don haka washegari ki duba, wanda kika ga alamar bai samu ba ki tura masa kai tsaye. Guruf ba wurin wannan sanarwar ba ne, mutum ɗaya ya ce "kai jama'a" sai goma su biyo shi har waɗanda da ba su damu ba. Sitatus a ƙarshe yake zuwa, kuma tunda awa 24 yake yi ya ɓace ki sake ɗorawa ana saura kwana uku da kuma daren ranar. Iyayenmu da ba sa karatun boko ki yi musu saƙon murya gajere, ƙasa da minti ɗaya. Sannan ki rubuta a kwali ki manna a jikin kula ko firjin shago, ki zaunar da yaron da ke kai kaya ki faɗa masa abin da zai ce, kar ya je yana cewa "ni ma ban sani ba haka aka ce min".

Ƙaramar gorar 250 ɗin nan ta taimaka ƙwarai, saboda akwai wanda abin da ke aljihunsa bai ƙaru ba, ɗalibi ko mai gadi, gara ya samu abin da zai saya da ya daina zuwa don kunya. Amma ki auna ta da kyau, kuɗin gora da murfi ba ya raguwa sosai don ta ƙanƙance, in ba ki yi lissafi ba ita ce za ta zama sabuwar hanyar asara.

Bashi, oda, da masu ƙorafi

Wanda kike bi bashi, a tsohon kuɗi ya ci, a tsohon kuɗi zai biya, kuma kar ki haɗa tunin bashi da sanarwar ƙari a saƙo ɗaya, mari biyu ne a kunci ɗaya. Wadda ta ba da kafin alƙalami na biki ko suna, ko da bikin bayan ranar ƙarin ne, ki cika mata a yadda kuka yi. Ni na yi gora 150 na wani suna a 300 ranar 2 ga Maris, ba riba ko kaɗan, amma a wurin sunan nan na samu gidaje biyu sababbi da suka fara a 400. Daga nan dai na koyi cewa odar da ta wuce wata ɗaya a gaba ina faɗa tun farko cewa kuɗin na iya motsawa.

Amsoshi za su zo kala-kala. Mai cewa "Allah ya kyauta" ya karɓa kenan, ki ce amin ki yi godiya. Mai cewa "wance 300 take sayarwa" kar ki yi musu, ki ce "haka ne Anti, kowa da haɗinsa, ni dai a nawa haɗin ba zai fita ba, ga ƙaramar nan in kina so." Mai cewa "ni ma har da ni?" yawanci 'yar'uwa ce ko ƙawa, kuma ita ta fi wuya, ni abin da nake yi in ce kuɗi ɗaya ne ga kowa, sai ranar da na ga dama in aika mata gora biyu kyauta, ta san kyauta ce daga gare ni.

Wanda ya fi buƙatar kulawa shi ne wanda bai ce komai ba. Ranar da sabon kuɗi ya fara ki buɗe shafi a littafi ki riƙa duba wa ya saba saye bai saya ba. Satin farko ciniki zai ɗan ja baya, wannan ba abin tsoro ba ne, kar ki firgita ki janye ƙarin, in kika janye sau ɗaya ba za a sake yarda da sanarwarki ba. Nawa ya sauko zuwa gora tamanin da 'yan kai, azumi na kamawa ya wuce inda yake da. Amma tsohon kwastoman da ya yi sati biyu shiru ki kira shi ki gaishe shi kawai, ki ce kwana biyu, lafiya dai ko, ba tare da kin ambaci kunu ba. In kuɗin ne zai faɗa da kansa sai ki nuna masa ƙaramar gora, in kuma wani abu ne daban kamar yaro ya kai masa mara sanyi, kin ji da wuri. In kuwa bayan wata guda cinikin ya faɗi ƙasa da adadin da kika ƙaddara a takarda, ni 80 ne, to ki zaga ki ga nawa na kusa da ke suke sayarwa, wataƙila unguwar ba za ta ɗauki kuɗin ba sai dai ki mayar da ƙarfi kan ƙaramar gora ko ki nemi shaguna a wata unguwar.

A ranar farko kuma wani zai zo da 300 ya ce bai ji ba, ko yaro a aiko shi da tsohon kuɗi. Na gaya wa yarona duk tsohon kwastoman da ya yi haka a ba shi kayansa a karɓi abin da ya kawo, a ce masa na gaba 400 ne, sau ɗaya ga kowane gida, ya rubuta sunan gidan ya kawo min da yamma. Gida shida ne suka yi haka a satin, naira ɗari ɗari a kan 'yan goruna, har da gidan Hajiyar nan ta Juma'a, wadda da yamma ta kira ta ce jikan ne ya manta, ta turo cikon ta taransifa.